Me ya sa jarumin wasa yake karkarwa idan ya yi nisa da cibiyar duniya?

Duk wanda ya gina wasan kwamfuta mai faɗin fili zai iya cin karo da wannan. A farkon taswira komai lafiya lau: jarumi yana tafiya sumul, kyamara tana bin sa ba tangarɗa. Da ya yi tafiyar wasu kilomitoci sai makamin da ke hannunsa ya fara ɓari. A ƙara nisa, yatsunsa da gefen rigarsa su shiga rawar ɗari, inuwarsa ta riƙa tsalle, daga ƙarshe jikin gaba ɗaya ya koma makyarkyata ko da yana tsaye cak. Babu layi ɗaya na shirin da ya canza tsakanin nan da can. Abin da ya canza kawai shi ne girman lambobin da ke faɗin inda jarumin yake.

Yawancin injinan wasa suna ajiye matsayin kowane abu da lambobi uku, x da y da z, waɗanda ake aunawa daga wuri guda da ake kira cibiyar duniya, inda dukkansu suke sifili. Nau'in lambar da aka saba amfani da shi shi ne `float`, mai bit 32, bisa ƙa'idar IEEE 754 da aka fara fitarwa a 1985. Bit ɗaya yana riƙe alamar ƙari ko ragi, takwas suna faɗin girman lambar, sauran 23 kuma su ne ke riƙe ainihin alƙalumanta. Idan aka juya wannan zuwa ƙidayar da muka saba, ya kama kusan alƙaluma bakwai. Bakwai ɗin nan ba sa ƙaruwa. Idan ɓangaren da ke gaban ɗigo ya cinye shida, abin da ya rage wa bayan ɗigo kaɗan ne.

A ɗauka tef ne na awo wanda zane-zanensa suke a matse ƙwarai kusa da sifili, suna kuma ƙara warewa yayin da ake jan sa. Ba a iya ajiye abu sai a kan zane. Duk abin da ya faɗo tsakanin zane biyu, tura shi ake yi zuwa wanda ya fi kusa. Warewar ba a hankali take zuwa ba. Giɓin da ke tsakanin lamba da maƙwabciyarta yana nan daram har sai an tsallaka 2, ko 4, ko 8, ko 16 da sauran ninkin biyu, sai ya ninka nan take. Tsakanin mita 1 da mita 2, giɓin bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Daga mita 1,024 zuwa 2,048 ya zama milimita 0.12. Daga 8,192 zuwa 16,384 ya kusa milimita guda. A kilomita 100 kuwa, giɓin mita 0.0078125 ne, wato kashi ɗaya cikin 128 na mita, milimita 7.8. Wanda yake so ya gani da idonsa, layuka huɗu sun isa:

```python
import numpy as np
x = np.float32(100000)
print(np.spacing(x))             # 0.0078125
print(x + np.float32(0.2 / 60))  # 100000.0
```

Layin ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa. Jarumi ne yana sanɗa a gudun mita 0.2 cikin daƙiƙa, wasan kuma yana zana firam 60 a daƙiƙa, don haka takun kowane firam milimita 3.3 ne. Rabin giɓi milimita 3.9 ne. Tun da takun bai kai rabi ba, sakamakon tarawar yana komawa kan lambar da aka baro, kuma haka za a yi ta yi har abada: ƙafafu suna motsi, jarumi bai gusa ba. Idan aka ɗaga gudun zuwa mita 0.3, takun ya zama milimita 5, ya haura rabi, sai a tura shi gaba ya zama cikakken giɓi. Jarumin da aka ce ya yi 0.3 sai ga shi yana yin kusan 0.47. Abin da ya fi rikita masu gwaji shi ne, kwamfuta mai ƙarfi ta fi shiga matsala. Gudun mita 0.5 a firam 60 yana tafiya, amma a firam 144 takun ya ragu zuwa milimita 3.5, sai jarumin ya maƙale. Haka kuma idan x ce kaɗai ta yi girma z tana kusa da sifili, mai sanɗa a karkace zai riƙa zamewa ta gefen z kawai, domin kowace lamba da nata giɓin.

Sai dai maƙalewa daban, karkarwa daban. Milimita 7.8 a cikin kilomita 100 kuskure ne da ba ya ko ɗaga hankalin mai zana taswira. To me ya sa ido yake ganinsa ƙarara? Domin abin da allo yake nunawa ba matsayin jarumi a duniya ba ne. Tazarar da ke tsakaninsa da kyamara ake zanawa, kuma ana samun wannan tazara ne ta hanyar ɗebe babbar lamba daga wata babbar lamba mai kusan girmanta. Manyan alƙaluman suna cinye juna, sai ƙaramin saura ya rage, kuskuren kuwa yana nan da girmansa bai ragu ba. A ganina nan ne zuciyar maganar take, kuma wanda ya gane wannan ya riga ya san maganin.

Bari mu bi misali ɗaya daki-daki. Kyamara tana bayan jarumi da mita 2 ta fuskar z, an kuma ɗan gusar da ita gefe da mita 0.497 ta fuskar x don a riƙa gani ta saman kafaɗarsa. Jarumin yana tafiya gefe, santimita 2 a kowane firam, kyamara tana biye da shi daidai wa daida. A ce ma shirin ya san ainihin matsayinsu ba kuskure, sai lokacin zane ne yake mayar da su `float`. A firam na farko jarumi yana 100000.370, lamba mafi kusa da `float` zai iya riƙewa ita ce 100000.3671875, an ja shi baya ke nan. Kyamara tana 99999.873, ita kuma an tura ta gaba zuwa 99999.875. Tazarar da aka samu 0.4922 ce. A firam na biyu jarumi yana 100000.390, ya koma 100000.390625, kyamara tana 99999.893, ta koma 99999.890625. Yanzu tazarar ta zama 0.5 cif. A firam na uku ta dawo 0.4922, a na huɗu ta sake zama 0.5. Tazarar gaskiya ba ta taɓa barin 0.497 ba, amma wadda ake zanawa tana kai da komo da milimita 7.8, kusan a kowane firam. Karkarwar ke nan.

Nawa ne wannan a kan allo? Idan kusurwar gani daga sama zuwa ƙasa digiri 60 ce, a nisan mita 2 kyamara tana ganin tsayin mita 2.3. A raba shi ga layukan fiksel 1,080, kowane fiksel ya kama kusan milimita 2.1. Tsallen jarumin ya kai fiksel uku zuwa huɗu. Bindigar da ke santimita 40 daga idon kyamara kuwa, fiksel ɗaya a wurinta bai kai rabin milimita ba, don haka giɓin nan guda ya zama tsallen fiksel 18. Shi ya sa abin da ke hannun jarumi ne yake fara tona asiri: tun a kilomita 10, inda giɓi yake kusan milimita ɗaya, makamin yana rawa da fiksel biyu alhali jikin da ke mita 2 bai motsa da rabin fiksel ba. Duwatsun da ke can nesa ba sa nuna komai. Saboda haka ban yarda da amsa guda ga tambayar "daga kilomita nawa matsalar take farawa?" ba. Ya danganta da abu mafi kusa da kyamara, da yawan fiksel, da ƙuncin kusurwar gani. Madubin hangen nesa na bindiga, wanda yake matse kusurwar, yana fito da rawar tun da wuri sosai.

Wannan lissafin ma ɗebewa ɗaya kawai muka bi. A hanyar zane da aka saba, kowane ɗigo na jikin jarumi ana fara kai shi ma'aunin duniya, sannan a juyo da shi ma'aunin kyamara. A mataki na farko kowane ɗigo yana faɗawa kan nasa zanen, shi kaɗai. Yatsa mai kaurin milimita 16 giɓi biyu ne kacal, don haka siffarsa tana lanƙwashewa tana miƙewa yayin da hannu yake motsi. Idan ƙasusuwan da ke motsa jikin ma a ma'aunin duniya ake lissafa su, kowace gaɓa da nata kuskuren. A mataki na biyu ana ninka manyan lambobin da lambobin juyawar kyamara, kowane sakamako kuma babba ne da sai an ture shi zuwa zane mafi kusa. Da kyamara ta ɗan juya, turawar ta canza. Wannan ne dalilin da jarumi yake karkarwa yana tsaye, da zarar an taɓa linzami.

Injin da ke lura da karo da nauyi shi ma yana da nasa rabon. A kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa sau da yawa ba a jin komai, domin y, lambar tsayi, ƙarama ce. A kan gangara kuwa kuskuren x yana rikiɗewa ya zama kuskuren tsayi: a gangara mai digiri 30, milimita 7.8 a kwance ya zama milimita 4.5 a tsaye. A injin wasa na Unity, tazarar da ake fara lissafin taɓawa tsakanin abubuwa biyu, `Default Contact Offset`, tana zuwa ne a 0.01, santimita ɗaya. Idan giɓi ya kusa kai wannan, jarumi yakan zama "yana ƙasa" a wannan firam, "yana iska" a na gaba, motsin tsayuwa da na faɗuwa su riƙa karɓeɓeniya.

Kafin a ɗora wa `float` laifi, ya kamata a tabbatar, domin akwai wasu cututtukan masu irin wannan alama. Mafi yawansu shi ne kyamara da jarumi suna sabunta matsayi a lokuta daban-daban, ɗaya da bugun lissafin karo, ɗaya da bugun zane. Gwajin mai sauƙi ne. A ɗauke jarumin da ƙasar da yake kai a mayar kusa da cibiya, a maimaita motsin. Idan rawar tana nan, ba wannan ce matsalar ba. Idan ta ɓace, a koma a gwada a mita 5,000, da 9,000, da 17,000, da 33,000. Kowanne ya tsallaka wani ninkin biyu, don haka girman rawar ya kamata ya riƙa ninkuwa daga mataki zuwa mataki. Sannan a buga x na firam ashirin a jere da dukkan alƙalumanta. Idan a kilomita 100 duk abin da ke bayan ɗigo ninkin 0.0078125 ne, magana ta ƙare.

Akwai dabarar da kusan kowa yake fara kawowa: a ƙanƙantar da duniyar, mita ɗaya ta zama 0.1, don lambobin su ragu. Ba ta aiki. Giɓin ya ragu kusan sau goma, amma jarumi da yatsunsa da tazarar kyamara duk sun ragu sau goma. Sauya ma'auni ma haka. Injin wasa na Unreal da santimita yake awo, kilomita 100 a wurinsa 10,000,000 ce, giɓin `float` a nan kuwa 1 ne, santimita guda, kusan abin da muka samu da mita. Abin da yake da tasiri shi ne nisan da aka yi idan aka kwatanta da mafi ƙanƙantar abin da ake so a bambance. Iyakar faɗin duniya da Unreal Engine 4 ya zo da ita, santimita 2,097,152, kusan kilomita 21, ta tsayar da giɓin ƙasa da milimita ɗaya har bakin taswira.

Dabara ta biyu ita ce a koma `double`, mai bit 64, wanda 52 daga ciki suke riƙe alƙaluma. Ƙarfinsa ba wasa ba ne: a nisan da ke tsakanin duniya da rana, kusan kilomita miliyan 150, giɓinsa bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na milimita ba. Wannan yana magance maƙalewa da gurɓacewar gudu gaba ɗaya. Amma a tuna misalin da muka bi a sama: a can mun riga mun ɗauka shirin ya san matsayi ba kuskure, kuma duk da haka jarumin ya yi rawa. Katin hoto da `float` yake aiki. Katunan da ake sayarwa don wasa suna da rauni sosai a lissafin `double`, na wayoyi da yawa ma ba sa yin sa sam. Dole a wani wuri a mayar da lambar `float`, kuma komai ya rataya ne a kan ko an yi ɗebewar kafin wannan wuri ko bayansa.

```cpp
float a = (float)jarumi.x - (float)kyamara.x;  // 0.4922, 0.5, 0.4922 ...
float b = (float)(jarumi.x - kyamara.x);       // 0.497 kullum
```

Layi na biyu shi ne maganin zane. Ana ɗebe matsayin kyamara daga na kowane abu tun lambobin suna `double`, a aika wa katin hoto ƙaramin sauran kawai, kyamara kuma a ɗauke ta tana zaune a sifili. Abin da ke kusa da ido yana samun ƙananan lambobi masu matsattsen giɓi. Dutsen da ke kilomita 50 yana samun babbar lamba mai kuskuren wasu milimitoci, amma a wannan nisa fiksel ɗaya ya haɗiye mitoci da dama. Daidaiton lambar ya taru ke nan a inda ido yake buƙatarsa. Unreal Engine 5, wanda ya fito a 2022, ya mayar da matsayi `double` a tsarin da ya kira Large World Coordinates. Godot 4 yana ba da damar haɗa injin da `precision=double`. A Unity, tsarin zane na HDRP yana zane daga matsayin kyamara, amma `Transform`, mai riƙe matsayin abu, yana nan a `float`, don haka juyawar kyamara ta daina jawo rawa, matsayin da aka riga aka ajiye da giɓi kuwa bai gyaru ba.

Wanda injinsa bai ba shi `double` ba, ko lissafin karonsa yake `float`, hanyarsa ita ce ya hana jarumi yin nisa tun farko. Da zarar ya wuce wata iyaka, a ce mita 1,024, sai a ɗebe wannan adadi daga matsayin komai a lokaci guda: jarumi, kyamara, ƙasa, abokan gaba. Tun da kowa ya gusa tare, allo bai ga komai ba. Jimillar gusawar ana ajiye ta a gefe cikin `double` ko cikakkiyar lamba, don a san ainihin wurin a taswira. Kerbal Space Program, wanda aka gina a kan Unity kuma yake kai jirage tsakanin duniyoyi, da irin wannan cibiya mai bin ɗan wasa yake aiki. Na fi son a riƙa gusawa da adadi tsayayye mai ninkin biyu maimakon ainihin matsayin jarumi a wannan lokacin, domin ɗebe 1,024 ba ya ɓata alƙaluman bayan ɗigo na abubuwan da ke matsowa kusa da cibiya, kuma zanen ƙasa mai maimaituwa, idan tsawon zagayensa yana raba 1,024, ba ya tsalle.

Wahalar wannan hanya ba a lissafi take ba, a mantuwa take. Duk inda shirin ya ajiye wani matsayi a gefe sai an gyara shi a wannan firam ɗin. Hayaƙi da tartsatsin da suka riga suka tashi, sawun da harsashi ya bari a iska, wurin da abokin gaba yake nufa, matsayin firam ɗin baya da kyamara take amfani da shi don lallausan bi. Idan aka manta na ƙarshen nan, kyamara za ta ga kamar jarumi ya yi tsallen kilomita guda, ta zabura ta bi shi. Idan shirin yana samo gudu ta hanyar ɗebe matsayin baya daga na yanzu, zai sami gudun fiye da mita 60,000 a daƙiƙa na firam ɗaya, wanda ya isa ya kashe jarumi da "raunin faɗuwa" ko ya fasa lasifika da ƙarar iska. Gusawar kuma sai a tsakanin bugu biyu na lissafin karo, ba a tsakiyar ɗaya ba. Shi ya sa wannan shawara ce ta farkon aiki. Sanya ta cikin wasan da aka riga aka gina yana nufin bin kowane fayil ana neman inda aka ɓoye matsayi.

A wasan da mutane da yawa suke bugawa ta intanet, abin ya ƙara sarƙewa, domin 'yan wasa biyu na iya kasancewa kilomita 80 tsakaninsu kuma cibiya ɗaya ba za ta zauna kusa da duka biyun ba. Na'urar kowane ɗan wasa tana iya riƙe tata cibiyar, amma sabar da ke hukunci tana buƙatar ma'auni guda. Ko dai ta riƙe matsayi a `double`, ko ta yanka duniya gida-gida, kowane matsayi ya zama lambar gida cikakkiya haɗe da ƙaramin `float` na cikin gidan. Da gida mai faɗin mita 1,024, giɓi ba zai wuce milimita 0.06 ba ko'ina a taswirar. Saƙon da ake aikawa ta waya ma sai ya bi wannan tsari: idan aka matse matsayin duniya cikin `float` guda don rage nauyin saƙo, sauran 'yan wasa za su ga jarumin yana karkarwa a allonsu alhali a allon mai shi yana tafiya sumul.